Aikin SIWES ɗina ne, amma lambobin na wa ne?

Sadiya: Salamu alaikum. Na gama SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai, na wata shida a wajen wani dilan kayan masarufi a kasuwar Singa. Ni na haɗa musu dashbod a Excel mai nuna ciniki da basussukan kwastomomi. Ina son in sa shi a fotfoliyona don neman aiki. Ban sa hannu a wata takardar sirri ba. In na goge sunaye, ai shi ke nan ko?

Mubarak: Wa alaikumus salam. Shi ke nan mana. Ke kika yi aikin, da kwamfutarki ma ƙila, ba wanda ya biya ki abin kirki, ba takarda. Goge sunaye ki ɗora kawai. Mu a nan tsoro ya yi mana yawa, shi ya sa yaranmu ke zuwa intabiyu hannu rabbana.

Anti Hadiza: Sadiya, kafin ki ɗora komai ki amsa mini abu biyu. Da kika ce kin goge sunaye, me ya rage a kowane layi? Sannan akwai PivotTable a cikin fayil ɗin?

Sadiya: Akwai Anti, guda huɗu. Abin da ya rage shi ne gari, kwanan wata, irin kaya, yawan katan, farashin saye da na sayarwa, da bashin da ke kan mutum. Shafin da ke da cikakken bayanin ma na share shi gaba ɗaya, taƙaitawar ce kawai ta rage.

Anti Hadiza: To buɗe fayil ɗin da kika ce kin tsabtace. Je kan jimillar da ke can ƙasan PivotTable, inda aka rubuta Grand Total, ki danna lambar sau biyu da sauri. Ki dawo ki gaya mana.

Sadiya: Innalillahi. Sabon shafi ya buɗe, duk layukan sun dawo. Har sunaye da lambobin waya.

Anti Hadiza: Abin da nake gudu ke nan. PivotTable yana ajiye kwafin bayanan da aka gina shi da su a cikin fayil ɗin, ko da an share shafin asali. Akwai wani zaɓi a PivotTable Options, ƙarƙashin Data, mai suna Save source data with file, kuma a kunne yake tun farko. Duk wanda ya sauke fayil ɗinki da danna biyu zai ga wa ake bi naira miliyan nawa a Singa. Shi ya sa ban yarda da goge-goge a fayil na asali ba. Bayan wannan akwai ginshiƙan da aka ɓoye, da shafukan da aka ɓoye, da sunan kamfani a bayanan fayil. Za ki toshe rami uku ki manta na huɗu.

Mubarak: To wannan matsalar fasaha ce Anti, ba ta amana ba. Ta kashe wancan zaɓin, ko ta ɗauki hoton allon kawai. Hoto ba ya buɗe shafi.

Anti Hadiza: A nan kana da rabin gaskiya, hoto ya fi fayil tsaro nesa ba kusa ba. Amma me ke cikin hoton? A ce layi ya nuna Haɗeja, taliya, katan 600 duk mako, bashi ya wuce kwana 60. Mutum nawa ne daga Haɗeja ke ɗaukar katan 600 a wajen wannan dilan? Ɗaya ne. Kai da kake zaune a Zoo Road ba ka san shi ba, amma yaron shagon da ke maƙwabtaka da su ya san shi, ya san direban da ke ɗaukar masa kaya. A Singa ba sai an faɗi suna ba. Kuma bashin ɗan kasuwa mutuncinsa ne, ranar da aka ji ya yi nauyi, sauran diloli za su ƙi ba shi kaya.

Abba: Ni fa duk aikin da na yi a wajen SIWES na rubuta a littafin rahoto, malaminmu ya sa hannu, na kai ITF, hukumar da ke kula da SIWES. Na kuma yi bayani a gaban malamai. In sirri ne ai da an hana tun can.

Malam Kabiru: Abba, ka ɗauko wata magana daban. Littafin nan shugabanka na wajen aiki yana dubawa ya sa hannu kafin ya fita, kuma ƙarshensa makaranta da ITF. Abin da kake rubutawa a ciki shi ne me ka koya a mako, ba jerin masu bashi ba. Sadiya tana maganar inda kowa zai gani ne.

Maganar “ban sa hannu ba” kuma, Mubarak, kar ka jefa ƙanwarka a ruwa. Rashin takarda ba ya nufin rashin amana, a addini da a doka duka. In an ba ka bayani a yanayin da duk mai hankali ya san na cikin gida ne, ana iya kama ka da fallasa shi ko ba ka sa hannu a komai ba. Sannan akwai dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023. Tana kare bayanin duk mutumin da za a iya gane shi kai tsaye ko a fakaice, ba sai an ambaci suna ba. Yawancin kwastomomin Singa kuwa ɗaiɗaikun mutane ne da lambobin wayarsu. Ko Alhajin mai shagon da kansa ba shi da ikon ce miki ki watsa bayanansu, don ba nasa ba ne shi kaɗai.

Mubarak: Na ji ta kwastomomi, Malam. To ta cire garuruwa, ta ninka duk lambobin da uku. Yanzu ba lambar gaskiya ko ɗaya. Ni haka na yi da nawa.

Anti Hadiza: Mu lissafa tare. A ce suna sayen katan a 9,000 su sayar a 9,450, ribar kashi 5 cikin ɗari ke nan. Ka ninka da uku, ya zama 27,000 da 28,350. Raba ka gani, kashi 5 ɗin na nan bai motsa ba. Wannan ribar kuwa ita ce abin da dila ya fi ɓoyewa, don ita ke nuna rangwamen da kamfani ke yi masa. Abin bai tsaya nan ba. Farashin sayarwa kowa ya san shi a kasuwa. Mutum ya ga 28,350, ya san katan 9,450 yake a wannan watan, ya raba ya samu uku, sai ya raba duk sauran lambobin da uku. Ka ga ka kulle ƙofa ka bar ɗan makulli a jiki.

Mubarak: Wannan kam ban taɓa tunaninsa ba. Bari in je in duba nawa.

Rukayya: Ni abin da ya faru da ni a GitHub ne. Na ɗora aikin da na yi wa wata makaranta, daga baya na ga fayil ɗin sunayen ɗalibai ya shiga ciki, na goge shi na sake ɗorawa. Wata biyu ina zaton ya tafi. Wani ɗan ajinmu ne ya nuna mini yana nan daram a tarihin canje-canje. Sai da na rushe ma'ajiyar gaba ɗaya na buɗe sabuwa, kuma har yau ban san ko wani ya riga ya sauke ba.

Sadiya: To yanzu wata shida na ya tafi a banza ke nan? Wallahi aikin nan shi ne abu mafi kyau da na taɓa yi.

Anti Hadiza: Bai tafi ba. Mai ɗaukar aiki ba ya neman sanin wa ake bi bashi a Haɗeja, so yake ya ga kin iya. Buɗe sabon fayil fil, kar ki kwafo ko ɗaki ɗaya daga tsohon. Ƙirƙiri kwastoma 40 da sunaye irin Shago 01, Shago 02. Canja kayan ma, in su taliya da madara suke sayarwa ke ki yi da siminti da fenti, ki sa farashin da kika ga dama. Layi 2,000 na wata shida ya isa. Yawan kaya da rukunin daɗewar bashi za ki iya fitar da su haka, in kwanakin bashin suna ginshiƙin D:

```
=RANDBETWEEN(5,120)
=IF(D2<=30,"0-30",IF(D2<=60,"31-60","60+"))
```

Da kin cika sai ki kwafa ki yi Paste Special, Values, in ba haka ba lambobin za su riƙa canjawa duk lokacin da kika taɓa fayil ɗin.

Matsalar wannan hanyar ita ce lambobin da RANDBETWEEN ke fitarwa ba su da labari. Kowane wata zai yi kama da ɗan'uwansa, dashbod ɗin ya fito salam ba abin nunawa. Don haka ki dasa labarin da hannunki: kwastoma uku da kullum suke jinkirin biya, wata ɗaya da ciniki ya tashi, kaya ɗaya da ba ya tafiya. Ki ƙirƙira fa, kar ki kwaikwayi ainihin abin da kika gani a wajensu. Sai ki rubuta a saman shafin cewa bayanan ƙirƙirarru ne, an gina tsarin bisa abin da kika koya a SIWES. Ki haɗa da bayani shafi ɗaya: da can yaya suke gane masu bashi, me kika gina, me ya sauya. Ni da nake zama a intabiyu, wannan layin na “ƙirƙirarru ne” yana ƙara wa yarinya maki a wajena. Wanda ya buɗe mini littafin tsohon ubangidansa kuwa, na san gobe nawa zai buɗe wa wani.

Mubarak: Na yarda a kan ɗorawa a fili. Amma a ɗakin intabiyu, a kwamfutata, minti biyu, ba wanda ya ɗauki kwafi? Ban ga laifi ba. Kuma akwai masu ɗaukar aikin da in ka ce ƙirƙirarre ne sai su ɗauka daga YouTube ka kwafo.

Malam Kabiru: Damuwarka ta biyu gaskiya ce, amma maganinta wasiƙa ce daga wajen aikin mai cewa wance ta gina mana kaza, muna amfani da shi. Ta farko kuwa ban bi ka ba. Ina wanda ke maka tambayoyin ya fito? A Kano ba mamaki surukin abokin hamayyar Alhajin ne.

Mubarak: Ba mamaki kuma ba kowan kowa ba ne. Ni dai a nan ban sauka ba.

Sadiya: Manajan ya taɓa ce mini “ba komai, ki nuna” da na tambaye shi a tsaye.

Anti Hadiza: Me ya fahimta da “nuna”? Ƙila ya zaci malaminki za ki nuna wa. Gina sabon tukuna, ki tura masa hotunan ainihin abin da zai fita, ki rubuta inda za ki sa shi, ki tambaya ko kin ambaci sunan kamfanin ko ki ce “wani dila a Kano”. Amsarsa a rubuce, ko ta WhatsApp ce, ki ajiye. Tsohon fayil ɗin kuma ki goge shi daga kwamfutarki da imel ɗinki.

Malam Kabiru: Ni ina ganin ba manaja za ta tambaya ba, Alhajin ne mai dukiya. Manaja yau yana nan gobe ba ya nan.

Anti Hadiza: Alhajin da bai taɓa buɗe Excel ba, Malam? Yana jin “intanet” zai ce a'a, alhali ba lambarsa ko ɗaya a ciki.

Sadiya: Zan fara gina sabon a daren nan. In Allah ya kai mu Asabar zan je kasuwa in nuna wa manajan, in roƙe shi ya shiga da ni wajen Alhaji bayan La'asar, lokacin ya fi sakin fuska.