"Kawai" da "wataƙila" ne suka riƙe mini kuɗin ɗinkina

Maman Hanif: Jama'a raina a ɓace yake. Na yi wa wata hajiya ɗinkin anko kala 14, tun da aka watse daga biki saura naira 63,000 a hannunta. Ga abin da nake ta tura mata: "Salamu alaikum Hajiya, dama kawai na ce bari in ɗan tuna miki, ina ganin kamar akwai ɗan ragowar kuɗin nan, wataƙila in kin samu hali ko za a ɗan duba, in sha Allah." Kullum amsar ɗaya ce: "To, ba damuwa." Jiya ƙanwata ta fizge wayar ta rubuta: "Hajiya, ragowar kuɗin ɗinki 63,000 ne. A turo ranar Juma'a." Kafin magariba rabi ya shigo. Ni dai na gano, kawai da wataƙila da ina ganin da in sha Allah duk kalmomin matsorata ne. A daina su.

Malam Na-Dilimi: Subhanallahi. Maman Hanif, ki janye wannan maganar. In sha Allah ce kalmar matsorata? A Suratul Kahf, aya ta 23 da 24, an hana mutum ya ce zai aikata abu gobe ba tare da ya jingina ga yardar Allah ba. Kuɗin anko bai kai a taɓa wannan ba.

Baban Joy: Malam ya yi gaskiya. Mu ma a wasiƙar Yaƙub, sura 4 aya 15, haka aka koya mana, a ce in Ubangiji ya yarda. Duk garin Jos babu wanda zai goyi bayan a cire ta.

Maman Hanif: Malam, ba addini na taɓa ba, saƙo nake magana.

Malam Na-Dilimi: Amma ke kika jera ta da wataƙila.

Sadiq Bauchi Road: Ni abin da ya ba ni mamaki, tela ce ke kuka da in sha Allah. Wa ya kai ku amfani da ita? Ka kai yadi tun farkon azumi, a ce maka in sha Allah kafin Sallah, daren Sallah ka tarar ko yankawa ba a yi ba.

Maman Hanif: Sadiq, kai ka taɓa biyan tela kuɗinsa cif ranar da ka karɓi kaya? Zare da shafi da man janareta daga aljihun wa suke fita?

Anti Talatu: Ku dakata mini. Aikina ke nan a ofis, rubuta wasiƙa da bibiyar fayil, har na yi ritaya. Maman Hanif, 'yata, ki sake karanta saƙonki na farko a matsayin ke ce hajiyar. Me aka ce ki yi? Babu. "Dama kawai na ce bari in tuna miki" ya riga ya gaya mata aikin saƙon ya ƙare da zarar ta karanta, an tuna mata, ta tuna. "Ina ganin kamar akwai" ya fi muni, domin ke mai bin bashin kin sa shakka a kan bashin kansa. In ke ba ki tabbata ba, ita don me za ta tabbata? "Ɗan ragowa" ya mayar da 63,000 kamar canjin Keke Napep. "In kin samu hali" kuwa ya miƙa mata hukuncin gaba ɗaya, kuma mai hidimar gida ba ya taɓa jin ya samu hali. Shi ya sa "To, ba damuwa" amsa ce daidai da saƙonki. Ba ta ƙi ki ba, ba ki tambaye ta komai ba ne.

Saƙon ƙanwarki ya yi aiki ne saboda abu biyu da ta saka: adadi da rana. Da kin goge kalmomin nan kin bar "Hajiya, akwai ragowar kuɗi, a duba", da har yau kina jira.

Auwal Ɗan Jami'a: Wannan sananne ne ai. A 2015 wata tsohuwar ma'aikaciyar Google, Ellen Petry Leanse, ta yi rubutu cewa kalmar Turancin nan da ke daidai da "kawai" ta neman izini ce, kuma ta lura mata sun fi yawan faɗinta a wurin aiki. A ƙarshen shekarar har aka fito da wata manhaja ta Gmail, Just Not Sorry, mai ja wa irin kalmomin layi in ka rubuta. Don haka kimiyya ta gama magana, a goge su duka.

Anti Talatu: Auwal, kai da bakinka ka ce ta lura. Lurar mutum ɗaya a ofishinta ba ta zama hukunci a kan hajiyar Jos ba. Kuma ka duba, rabi ta turo. Ni da na san manyan matan nan, ina jiye wa Maman Hanif ranar da wani ankon zai taso. Saƙo babu sallama, babu gaisuwa, "A turo ranar Juma'a" kamar takardar kotu, daga yarinya zuwa sa'ar uwarta. Za ta biya, amma ɗinki na gaba wani shago zai tafi, kuma za ta gaya wa ƙawayenta dalili.

Maman Hanif: Anti, to ya zan yi? In lallaɓa a riƙe mini, in fito fili a ce ba ni da kunya.

Anti Talatu: Ki raba saƙon gida biyu. Akwai wurin ladabi, akwai wurin bayani. Ladabi ki zuba shi a gaisuwa da kiran girma da don Allah da godiya, ba ya rage miki komai. Bayani kuwa, wato nawa ne, yaushe, ta ina, kada kalmar shakka ko ɗaya ta shiga. Ga yadda zan rubuta na sauran:

"Salamu alaikum Hajiya, ina wuni, ya gajiyar biki? Na ga 31,500 da kika turo, Allah ya saka da alheri. Saura 31,500. Don Allah a turo mini zuwa ranar Juma'a, saboda ranar Asabar zan biya yaran shago. Lambar asusun ita ce wadda kika tura a baya. Na gode, a gaida mutan gida."

Ki ƙirga, babu kawai, babu wataƙila, kuma babu dattijuwar da za ta karanta ta ce an raina ta. Yadda za ki gane saƙo ya isa, ki dubi amsar. In ta dawo da rana ko adadi, ko da ciniki ne, "Juma'a ba zai yiwu ba, sai Litinin", to an ji ki. In ta dawo da "to" ko "za a duba", har yanzu akwai ƙofar da kika bari a buɗe.

Dakta Gyang: Anti ta taɓo abin da aka gwada, wato faɗin dalili. A 1978 masaniyar halayyar ɗan Adam Ellen Langer da abokan aikinta sun sa mutane su nemi a ba su wuri a layin injin kwafin takardu. Mai shafi 5 in bai faɗi dalili ba, kashi 60 cikin 100 suka yarda. Da ya ce yana sauri, kashi 94. Amma da shafukan suka zama 20, mai dalili na gaske ma kashi 42 ya samu. To dalili yana taimakawa, sai dai in buƙatar ta yi nauyi ba kowa yake ja ba. Kuɗi kuma buƙata ce mai nauyi.

Sadiq Bauchi Road: Dakta, layin fotokwafi a Amurka daban, bashi a Angwan Rogo daban.

Hajiya Babba: Ni duk ban ga laifin hajiyar ba. Kun san abin da biki ke ci yanzu? Yaran zamani ba ku da kara. Mu a Kano ko bashi za ka tambaya sai ka zagaya, ba irin Hausarku ta Jos da ake jefa magana kamar dutse ba.

Baban Joy: Hajiya, da girmanki, Hausarmu ba ta yi miki komai ba. Da ita ake ciniki daga Farin Gada har Bukuru, kowace ƙabila, kuma ana fahimtar juna.

Auwal Ɗan Jami'a: Zagaye-zagayen ne ma ya sa ake cinye wa talaka haƙƙinsa.

Hajiya Babba: Yaro, ba da kai nake ba.

Usman Bakanike: Ni tambayata daban ce. In mota ta zo tana ƙara, nakan ce wa mai ita ina ganin famfon mai ne, sai na buɗe. Shi ma in daina?

Anti Talatu: A'a Usman, naka na gaskiya ne, ba ka buɗe ba tukuna. In ka ce famfon mai ne kai tsaye, ya sayo, ka buɗe ka tarar waya ce, ya daina yarda da kai. Ka ce ina ganin, amma ka ɗaure ta da lokaci: zan buɗe, ƙarfe huɗu zan gaya maka tabbas. Matsalar Maman Hanif ita ce ta san kuɗinta har kwabo, sannan ta rubuta kamar ba ta sani ba.

Malam Na-Dilimi: Har yanzu ba a janye maganar in sha Allah ba.

Ummu Aisha: Malam, Allah ya gafarta, ayar tana magana ne a kan abin da kai za ka aikata gobe. Hajiyar ce ya kamata ta ce zan turo Juma'a in sha Allah. Mai nema ba alƙawari yake yi ba. Kuma akwai hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim da ya hana mutum ya ce Allah ka gafarta mini in ka so, aka ce ya yanke a roƙonsa. Ko a addu'a ba a son mai roƙo ya yi ta noƙewa.

Malam Na-Dilimi: Wannan tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, ba a kiyasta shi da bashin tela. Kuma kalmar matsorata tana nan a rubuce.

Maman Hanif: Malam, ni kalmomin na kira haka, ban kira kowa ba.

Sadiq Bauchi Road: Bari in tattara, tunda ni ke kula da zauren nan. An yarda in sha Allah tana nan daram. An yarda saƙon ƙanwar Maman Hanif ya yi tsauri. Abin da ya fi fitowa fili shi ne teloli su fara gyara alƙawarinsu kafin su koya wa mutane yadda ake magana.

Maman Hanif: Wa ya yarda da wannan na ƙarshen? Kai kaɗai ka faɗe shi. Anti Talatu, zan tura naki yanzu, amma in sa Alhamis a maimakon Juma'a? Ranar Juma'a takan tafi Abuja wurin 'yarta.

Anti Talatu: Sa Alhamis, kuma ki tura da safe. Kada ki bi shi da wani saƙon ban haƙuri.