Neman kalmar Hausa: me za mu kira "kiritikal ridin"?

Maman Husna: Assalamu alaikum malamaina. Ranar Litinin zan raba wa ɗaliban aji ɗaya na darasin nazarin addinai takardar jagora shafi guda, da Hausa, domin bayanin Turanci bai shige su ba. An ba su muƙalar masanin al'adu Clifford Geertz ta 1966, wadda ya fassara addini a matsayin tsarin alamomi, kusan shafi 40. Da na karɓi littattafansu, rabi sun kwafe jimlolinsa ne kawai, sauran kuma sun rubuta masa raddi tun daga shafin farko. Ina neman sunan abin da Bature ke kira "kiritikal ridin", da kuma sunan ɗan rubutun da ake yi a gefen shafi. Don Allah a taimaka.

Ɗan Gusau: Wa alaikumus salam. Karatun suka. Ai shi ke nan, Malama.

Maman Husna: Yayana, wannan kalmar ce ta jefa ni cikin matsalar. Yaro ya ji "suka" sai ya ɗauka an ce ya yaƙi marubucin. Wata ta rubuta min shafi biyu tana kare aƙidarta, alhali Geertz bai ce addininta gaskiya ne ko ƙarya ba. Tambayarsa ita ce yaya addini yake aiki a zukatan masu yinsa.

Malam na Samaru: Malama, a fagen adabi muna da "tarke", to "karatun tarke" zai iya ɗauka. Amma bari mu duba aikin kafin sunan. Ma'anar da Geertz ya bayar jimla ɗaya ce doguwa mai gaɓa biyar, kuma shi da kansa ya sa musu lamba, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen muƙalar. Ɗalibin da bai lura da wannan ba zai yi ta iyo ne cikin shafuka 40 ɗin. Ni nakan ce a yi karatu sau uku. Na farko a guje, ba biro a hannu, ana neman ƙashin bayan rubutun kawai. Na biyu a tsaya kan kowace gaɓa a rubuta ta da bakin kai. Misali gaɓa ta huɗu: addini yana lulluɓe fahimtarsa ta tsarin rayuwa da rigar tabbaci, har mai bi ya ji ba zato ba ne, haka abin yake. Sai ɗalibi ya tambaya, da me ya kafa hujja? Zai tarar da ibada ce hujjarsa, kuma babban misalinsa wasan Rangda da Barong ne na tsibirin Bali. Sai a karo na uku ne ake tambayar abin da ya bari bai faɗa ba.

Baba Tanko: "Tarke" ta 'yan jami'a ce, je ka kasuwar Kurmi ka ga wa zai gane. Ni na daɗe da tawa: "karatun tankaɗe". Mace ta zuba gari a rariya, tsaki ya tsaya, lallausa ya sauka. Kowace yarinya ta san wannan tun tana goye.

Ummi 'yar aji biyu: Baba, a gafarce ni, ni dai abin da ya cece ni bara shi ne biro mai launi. Nakan shafa rawaya a duk wuri mai muhimmanci. Ko a ce "karatun shafi"?

Malam na Samaru: Ummi, ɗauko takardar taki ki duba. In rawayan ya wuce layi uku ko huɗu a shafi, ba ki zaɓa ba, kin dai jinkirta zaɓen ne. Gwajin mai sauƙi ne: rufe muƙalar, ki faɗa wa ƙawarki da'awar mutumin cikin jimla biyu. In kin kasa, launin bai yi aiki ba. Akwai kuma kuskuren da launi ba ya kamawa, wato rashin sanin muryar wa ake ji. Inda Geertz yake ba da labarin abin da mutanen Bali suka yi imani da shi, ba ra'ayinsa ba ne. Shi ya sa nake sa ɗalibai su rubuta "shi" ko "su" a gefen kowane sakin layi.

Alaramma Ɗan Maradi: Rubutun gefen shafi ai yana da suna tun kaka da kakanni: hashiya. Duk wanda ya zauna zaure ya ga matani a tsakiya, sharhi ya kewaye shi, hashiya a gefe. Karatun da ɗalibi ke yi shi kaɗai kafin ya zo gaban malami kuwa muɗala'a ce. Ku ce muɗala'a, ku huta.

Baba Tanko: To ga shi nan. An ce a nemo Hausa, an koma Larabci. Mun gudu daga aron Bature mun faɗa aron Balarabe. Yaushe harshen nan zai tsaya da ƙafarsa?

Alaramma Ɗan Maradi: Baba, "karatu" da kake kafa taka a kai daga ina ta fito? Har "littafi" da "alƙalami". Kalmar da ta yi shekaru ɗaruruwa a bakinmu ta zama 'yar gida.

Ɗan Gusau: Gaskiyar magana, 'yan boko ba sa son a ce zaure ya riga su. Da Bature ne ya kawo hashiya da tuni an sa ta a manhaja.

Baba Tanko: Ni ban raina zaure ba, a can na yi sauka. Amma tankaɗe ta fi.

Maman Husna: Iyayena, Litinin na matsowa. Alaramma, hashiya na karɓa hannu bibbiyu. Sai dai muɗala'a ina jin tsoronta, domin a zaure almajiri yana karanta matanin da ya riga ya sallama wa marubucinsa, yana neman ya fahimta ne. A nan ina so su fahimta, sannan su auna. Kuma ajin nawa akwai Kiristoci da yawa masu jin Hausa da ba su san kalmar ba.

Alaramma Ɗan Maradi: Ba duka ba ne sallamawa, Malama. Masu hashiya sukan ce wa mai sharhi a nan akwai abin dubawa. Amma hujjarki ta biyu na yarda da ita.

Malam na Samaru: Baba, ga inda tankaɗe ta gaza a wurina. Rariya tana raba abin da aka zuba mata ne kawai, ba ta nuna abin da ba a zuba ba. Kuma babban raddin da aka yi wa wannan muƙala a kan abin da babu ne. Wani masanin al'adu, Talal Asad, a 1983, ya ce Geertz ya yi ta maganar alamomi da ma'ana, ya bar ikon da ke sa alamar ta yi tasiri: horo, doka, makaranta, hukuma. Ya ƙara da cewa neman ma'anar addini guda da za ta hau kowa da kowa, shi kansa ɗan tarihin Kiristancin Turai ne. Ba wanda zai kai nan sai ya fara rubuta gaɓoɓi biyar ɗin daidai, har shi Geertz in ya gani ya ce e, haka na ce. Saboda haka a raba shafin rubutu gida uku: abin da ya ce, hujjarsa, da abin da ya bari. Gida na uku ba a taɓa shi sai biyun farko sun cika.

Ummi 'yar aji biyu: Malam, to ba "bin diddigi" ke nan ba? Kana bin sawun mutum har ka ga inda ya taka da inda ya tsallake.

Ɗan Gusau: Wannan ta 'yan jarida ce. Za a ɗauka binciken almundahana ake yi.

Malam na Samaru: Tana da wannan warin, amma ta fi suka nesa ba kusa ba, kuma kowa zai gane ta. Ni na fi son tarke, sai dai ba zan ja ba.

Maman Husna: Na gode ƙwarai. Kan takardar zai zama "Karatun bin diddigi", rubutun gefe "hashiya", gidaje ukun kuma yadda Malam ya jera su. Baba, karo na biyu na karatun zan kira shi tankaɗe, domin a nan ne ake raba da'awa da misali.

Baba Tanko: An ba ni kashi ɗaya cikin uku. Na karɓa, amma in za a sake buga takardar a zango mai zuwa, a dawo a tambaye ni. Kuma har yanzu ba wanda ya kawo Hausar "tiyori".