Tauraro ɗaya saboda jinkirin kaya: yadda muka mayar da amsa

Mai shagon yadi, Sabon Gari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in ji daga waɗanda abin nan ya taɓa samu. Wata baiwar Allah a Kaduna ta sayi leshin anko guda shida a wurina, na yi mata alkawarin zai isa hannunta ranar Alhamis. Yarona ya kai saƙon tasha da yammacin Laraba, ashe motar ba ta cika ba, direba ya kwana da kayan, washegari kuma ya miƙa su ga wani direban ba tare da ya ba shi lambar wayarta ba. Sai ranar Asabar ta karɓa, an riga an yi kamu. Ta shiga shafin shagona na Google ta ba ni tauraro ɗaya, ta rubuta cewa ba ni da amana. Cikin zafin rai na amsa cewa laifin direba ne, kuma ita ce ta makara wajen biya. Tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba.

Mai sayar da wayoyi, PZ:
Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Irin wannan ya same ni bara, kuma abin da na fahimta shi ne amsar ba ita kaɗai ke karantawa ba, duk mai neman shagonki zai gan ta a ƙarƙashin sharhinta. Shi kuwa mai saye da ke ya yi ciniki, bai san direba ba, saboda haka idan ya ga kin ɗora laifi a kan direba, abin da zai ɗauka shi ne gobe ma haka za ki yi masa. Kina da damar gyara amsar ko goge ta daga shafin da kike kula da shagon. Tawa da na gyara cewa na yi: mun yi alkawarin rana kaza, kayan sun isa bayan kwana biyu, wannan gazawarmu ce, mun mayar da kuɗin mota, kuma yanzu ba ma barin tasha sai mun karɓi lambar direba da ta mota mun tura wa mai kaya. Jimla biyar ke nan. Maganar makararta wajen biya ki cire ta, ko da gaskiya ce, domin tun da kika karɓi kuɗin kika tsayar da Alhamis, alkawari ya hau kanki. Kada kuma ki saka adireshinta ko hoton hirarku.

Mai kayan ƙamshi, Tudun Wada:
Ni a ganina ba sai an sha wannan wahalar ba. Ki kai ƙorafin sharhin kawai, za a cire shi. Na taɓa yi, kuma an cire nawa.

Mai sayar da wayoyi, PZ:
Malama, wataƙila naki akwai zagi a ciki, ko wanda ya rubuta bai taɓa sayen komai a wurinki ba, irin waɗannan ne suka saɓa ƙa'ida. Wadda ta saya da gaske ta faɗi abin da ya faru, ba a cire nata don ya yi ɗaci, kuma mai shago ba shi da ikon gogewa. Ita kaɗai ke iya sauya shi.

Ɗalibi, Samaru:
Ni matsalata da masu babur ce. Na sayi takalmi daga cikin Birni, mai kawowa ya ce yana Kwangila, na yi awa uku a bakin titi ina jira. Ya kamata a yi musu magana.

Tela, Gyallesu:
Ɗan uwa, maganar amsar mai shago ake yi. Hajiya, ni tela ce, na san zafin anko idan ya wuce ranarsa, domin ko ranar Alhamis ɗin ya iso da kyar za a ɗinka shi. Lokacin da na saɓa wa wata alkawari, sai da na kira ta na saurare ta har ta gama, ban katse ta ba, sannan na rubuta amsa. Ban roƙe ta ta sauya taurarin ba, ban kuma yi mata tayin ragi a kan hakan ba, don na ji ƙa'idar shafin ta hana. Har yau tauraronta ɗaya yana nan, amma ta dawo ɗinkin sallah. Sai dai ban yarda kuɗin mota kaɗai ya wadatar a naki ba. Leshin da ba a saka a biki ba, me za ta yi da guda shida?

Mai shagon yadi, Sabon Gari:
Na gode ƙwarai. Na goge amsar farko, na kira ta sau biyu ba ta ɗauka ba, sai na tura mata saƙon ban haƙuri. Sake karɓar leshin daga hannunta ne ya tsaya mini, domin ta ce an riga an yanka biyu, kuma ban san ko in rubuta sabuwar amsar yanzu ba ko in jira sai mun daidaita a kan sauran huɗun.