Manhaja za a lanƙwasa ko tsarin aiki?

Shugabar kwamiti: Mai ba mu shawara ya ce duk giɓin da aka samu tsakanin aikinmu da manhajar ERP, wadda ke haɗa lissafin kuɗi, sito da ciniki wuri guda, mu sauya aikin, kada a rubuta mana sabon kod ko ɗaya. Kun yarda da wannan?

Akanta: Na yarda, Hajiya. Kamfanin Lidl na Jamus, mai manyan kantuna, ya fara aikin girka manhajar ERP ta kamfanin SAP a 2011, ya watsar a 2018 bayan ya kashe kimanin Yuro miliyan 500, domin ya dage sai an lissafa darajar kaya da farashin saye, alhali an gina manhajar a kan farashin sayarwa.

Mai kula da sito: To ni fa, da nake karɓar kaya da kwali kuma nake fitarwa da dozin, sai in daina ke nan?

Injiniya: Naka ba giɓi ba ne, Malam, saiti ne kawai: a shaida wa manhajar dozin nawa ne a kwali, ita za ta riƙa juyawa. Rashin bambance irin wannan ne ke kumbura jerin giɓi. Ku ɗauki dilan da iyakar bashinsa Naira miliyan 5 ce, ana binsa miliyan 4 da dubu 600, sai ya nemi kayan dubu 700. Manhajar ta tsayar da odar, kuma wanda yake da iko ya sake ta, wannan ma saiti ne. Amma al'adarmu ta a buga wa manaja waya, mota ta fita, sannan a rubuta takarda washegari, ita ce ta cancanci sauyi, domin kod ɗin da zai halatta ta zai ɓoye mana ainihin abin da ke cikin sito. Inda na saɓa da mai ba da shawarar shi ne ladan da muke ba diloli a ƙarshen kaka, wanda ake biya da kaya gwargwadon abin da kowa ya saya kuma ya biya a kan lokaci. Da shi muke riƙe su.

Akanta: Lidl ma haka suka ɗauki nasu lissafin.

Injiniya: Gaskiya ne, sai dai nasu ya taɓa tushen lissafin kowane kaya, namu kuwa yana iya zama a gefe, ya karanta bayanai ba tare da an taɓa cikin manhajar ba. Kafin mu sa hannu, kowane mai sayar da manhaja ya gwada lissafin ladan a gabanmu da bayanan dilolinmu na bara. Idan ya ce zai yiwu amma ya kasa nunawa, mu lissafa shi a matsayin sabon kod, tare da kuɗin sake gwada shi duk lokacin da aka sabunta manhajar.

Akanta: Wannan kuɗin ne nake tsoro, kuma ban gamsu cewa diloli za su gudu ba idan aka mayar da ladan ragin farashi.

Shugabar kwamiti: Manajan ciniki ya kawo mana lissafin ladan bara, dila bayan dila, kafin zama na gaba.