Cinikin albasa a WhatsApp: abin da ’yan kasuwar Tawa suka tsayar

A zaman da muka yi, wani ya kawo labarinsa: ya sayar da buhu 40 na albasar Galmi ta saƙon murya, mai saye ya ce “na ɗauka”, daga baya ya musanta. An ce masa cinikin ya ƙullu, tunda dokar kasuwanci ta OHADA, wadda ƙasashen Afirka da dama har da Nijar ke aiki da ita, ba ta wajabta takarda tsakanin ’yan kasuwa ba. Wahalar tana wajen hujja. Hoton allo bai isa ba, ana iya ƙirƙirarsa, kuma lambar waya ba mutum ba ce. Mai sayen yana iya cewa yaronsa ne ya riƙe wayar. Shawarar dattawa: kada a goge hirar, a kai wayar gun hushe, ma’aikacin shari’a, ya rubuta abin da ya gani da ranarsa, a haɗa da rasidin kafin alƙalami mai sunan mai sayen.