Ejan ya ce kwastam sun riƙe mini kwantena, me zan tambaye shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Kwantenata mai ƙafa 40 ce, fankoki ne a ciki, yau kwananta 19 da sauka daga jirgi. Ejan ɗin da zai fito mini da ita daga tasha ƙanin amini na ne, tun yana ƙarami na san shi, kuɗin haraji ma tuni na tura masa. Kullum na kira sai ya ce kwastam ne, gobe in sha Allah. Me zan tambaye shi in gane abin da ya rage da ranar fitowarta?

Baban Yusra: Wa alaikumus salam. Alhaji, daina tambayarsa rana, tambaye shi takarda. Hannu uku ne ke iya riƙe kwantena: kwastam, kamfanin jirgi, da masu filin ajiya a tashar. Ejan da yawa duk sunan kwastam suke sa musu.

Ka ce ya turo hoton takardar da ya shigar da bayanin kayan mai ɗauke da lambar rajista, da rasidin biyan haraji. Ka duba lambar kwantenar da ke kai, haruffa 4 da lambobi 7, ta yi daidai da ta takardar jirginka. In babu rasit, to ba a biya ba, babu wanda ya riƙe komai. In kuwa an biya kuma da gaske riƙewa ce, akwai dalili a rubuce: ko farashin da aka rubuta ya yi ƙasa, ko lambar HS, wato lambar nau'in kaya da ake yanka haraji da ita, ba ta dace da kayan ba, ko adadi ya saɓa. Katan nawa ne a takardar farashi, nawa a ta jerin kaya?

Mai tambaya: 600 a ɗaya, 640 a ɗayar. Arba'in ɗin kyauta ce kamfanin ya ƙara mini, kuma ejan ɗin ya sani. Yaron ba macuci ba ne.

Baban Yusra: To ga ta nan. Kyauta ma ana biya mata haraji. Idan an buɗe an ƙirga 640, sai an gyara bayanin, an biya cikon, wataƙila har da tara. Kafin nan duk ranar da ya ba ka shaci-faɗi ne.

Hajiya Mai Atamfa: Canza ejan kawai! Nawa ma sai da ya kashe waya mako guda.

Sani Tirela: Hajiya, takardun na hannunsa, da sunansa aka shigar. Canji a tsakiya wani jinkirin ne. Alhaji, ka kira kamfanin jirgin ka ji kwana nawa suka ba ka kyauta. Da zarar sun ƙare damarej, wato kuɗin jinkirin da kamfanin jirgi ke caja, ke hawa kullum, amma kwastam na saki yake tsayawa.

Baban Yusra: A'a Sani, ba ya tsayawa sai kwantenar ta bar tasha, bayan nan kuma akwai lissafin kwanakin mayar da ita fanko. Kuɗin filin ajiya daban ne.

Mai tambaya: Na ji. Amma in na nemi rasit zai ga kamar ban yarda da shi ba. Bari in fara magana da yayansa.