Mun canza kason riba a watan Oktoba, yanzu rabon ƙarshen shekara ya gagare mu

Ƙanen Alhaji, Dawanau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da yayana muna da shagon buhuna, tamfol da maganin ajiyar hatsi a gefen kasuwar Dawanau. Shi ya zuba naira miliyan 6, ni miliyan 4. A takardar da muka rubuta tun farko, ni da nake zaman shago ina da albashin naira 100,000 a wata, kowa yana da goma bisa ɗari na jarinsa a shekara, abin da ya rage kuma a raba gida biyar, Yaya uku ni biyu. Ranar 1 ga Oktoba ya kira ni ya ce tunda yawancin masu saye ni na jawo su, daga ranar mu koma raba-daidai. Na yi murna, na yi godiya, amma ba wanda ya tuna a ƙirga kaya ko a rufe littafi.

Yanzu shekara ta ƙare, ribarmu naira 4,600,000. An cire albashina 1,200,000, an cire na jari 1,000,000, saura 2,400,000. Yaya ya ce a raba ta bisa watanni, wata tara a tsohon kaso, wata uku a sabo. Da na buga, shi ya tashi da 1,380,000, ni 1,020,000. Zuciyata ba ta kwanta ba, domin ni na san rabin cinikinmu na shekara a watanni ukun kaka muka yi shi. Ba na son in yi wa yayana musu a kan abin da ban fahimta ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini yadda suka fita.

Baban Khalifa

Wa alaikumus salam. Ni dai a ganina ranar rabo ake dubawa. Da muka canza kaso da abokina a sana'ar kaji, da sabon kason muka raba ribar shekarar gaba ɗaya, ba wanda ya ce uffan. Ku ɗauki 1,200,000 kowannenku, a huta.

Malam Akawu

Baban Khalifa, abin da kuka yi ya yi daidai ne saboda ku biyu kun yarda, kuma wanda ya yafe haƙƙinsa ba a hana shi. Amma nan Alhaji cewa ya yi "daga yau", bai ce "tun daga Janairu" ba. Ribar da aka samu kafin Oktoba an same ta ne a ƙarƙashin tsohuwar yarjejeniya, don haka dole a tsaga shekarar biyu. Har nan Alhaji yana kan gaskiya. Inda maganar take shi ne da wane ma'auni za a tsaga.

Na shafe shekaru ina duba littattafan 'yan kasuwa, kuma rabo bisa watanni yana aiki ne kawai idan ciniki yana tafiya bai-ɗaya, kamar gidan burodi ko mai sayar da ruwan leda a cikin gari. Mai buhu ba haka yake ba. Ƙanena, ka aiko mini da abu biyu: ribar da kuka ci a kan kaya kafin a cire ɗawainiya, da jimillar ɗawainiyar kanta.

Ƙanen Alhaji, Dawanau

Malam, ribar kaya miliyan 7 ce. Haya, albashin yara biyu, wuta da sauransu sun ci 2,400,000, kusan 200,000 kowane wata.

Malam Akawu

Madalla. Ribar kaya ciniki take bi, ɗawainiya irin haya kuwa kwanaki take bi, ko an sayar ko ba a sayar ba. Tunda ka ce cinikinku rabi kafin Oktoba ne rabi bayanta, kowane ɓangare yana da miliyan 3 da rabi.

Ɗauki watanni taran farko. Daga 3,500,000 ka cire ɗawainiyar wata tara, 1,800,000, saura 1,700,000. Ka cire albashinka na wata tara, 900,000, sannan na jari na wata tara, 750,000. Abin da ya rage naira 50,000 ne kacal. Ita ce za a raba uku da biyu, Alhaji 30,000, kai 20,000.

Watanni ukun kaka kuma, daga 3,500,000 ka cire ɗawainiya 600,000, albashi 300,000, na jari 250,000. Saura 2,350,000, kowa 1,175,000. Idan ka haɗa, Alhaji 1,205,000, kai 1,195,000. Jimilla tana nan 2,400,000, ba ta motsa ba, amma naira 175,000 ta koma wajenka idan aka kwatanta da lissafin watanni.

Ka lura da abin da lissafin ya tona. Wata tara cur shagonku albashi da na jari kawai yake iya biya, ribar rabo duk a kaka take. Lissafin watanni ya ɗauki ribar Nuwamba ya shafa wa Fabrairu, ya raba ta da kason da ya riga ya mutu. Ban ce Alhaji ya yi da niyya ba, yawancin mutane haka suke yi don ya fi sauƙi. Kuma lissafina ya tsaya ne a kan cewa ribar da kuke ci a kan kowane buhu ba ta bambanta sosai tsakanin rani da kaka ba. Idan ta bambanta, sai a bi rasit.

Maman Ilham

Ni tawa ba ta kaso ba ce, amma ka duba kada ta same ka. Ni da aminiyata muna girkin biki da suna, ni ke tsayawa a kan tukunya, aka yanka mini 50,000 a wata. Duk ƙarshen wata ina ɗauka, yarinyar da ke mana rubutu tana sa shi a layin gawayi da kuɗin mota. Da shekara ta zagayo muka zauna a tsakar gida da littafin, muka sake cire 600,000 da sunan albashina kafin rabo, aka miƙo mini. Wallahi ban lura ba. Sai bayan sati biyu, ina jera faranti, abin ya faɗo mini a rai cewa ai na riga na ci kuɗin nan wata-wata. Tunda raba-daidai muke, 300,000 na haƙƙinta ne a hannuna. Na kai mata har gida, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. To Ƙanen Alhaji, ka tabbata a cikin ɗawainiyar nan taku albashin yara ne kawai, babu naka. Kuma idan kana ɗaukar naka duk wata, ranar rabo ba za a sake ƙirga maka shi a hannu ba.

Ƙanen Alhaji, Dawanau

Hajiya, na duba, nawa ba ya cikin ɗawainiya. Amma kin tuna mini, na riga na ɗauki na wata goma, na wata biyu nake bi. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Kura

Ku kuna rigimar yadda za a raba saura, mu shekarar da ta wuce sauran ne babu. Injin casar shinkafa muke da shi mu uku. Riba ta zo 1,800,000, albashin mai kula da inji da na jarinmu kuwa sun kai 2,200,000. Ɗayanmu ya ce a soke albashi tunda riba ba ta kai ba, mai albashin ya ce shi ya sha ƙura shekara guda. Wanda ya duba mana ya ce tunda takardarmu ba ta ce a rage komai ba, a rubuta wa kowa nasa cikakke, giɓin 400,000 kuma a raba mana shi bisa kasonmu kamar asara. Haka aka yi, amma har yau ɗayan yana ganin an cuce shi. Bana mun ƙara layi guda a takarda kan abin da za a yi idan riba ta gaza.

Abu Sumayya

Ni abin da ya tsaya mini shi ne goma bisa ɗarin nan na jari. Wannan ba kuɗin ruwa ba ne? Abin da na karanta a babin tarayya shi ne ba a yanka wa abokin tarayya wani adadi tsayayye daga riba, sai dai kaso, asara kuma jari take bi. A mazhabar Malikiyya ma ribar kanta gwargwadon jari ake raba ta, Hanafawa da Hambalawa ne suka yarda a fifita wani saboda aikinsa. Saboda haka mu a shagonmu muka cire shi gaba ɗaya, muka gyara kaso ya yi daidai da jarin kowa.

Malam Akawu

Ustaz, a wajen masu lissafi ba bashi ba ne, hanya ce ta fifita mai jari da yawa kafin a raba saura, kuma daga cikin riba ake cire shi. Ko dokar haɗin gwiwar kasuwanci ta Ingila ta 1890 da Najeriya ta gada cewa ta yi idan ba a yi yarjejeniya ba, babu albashi, babu na jari, raba-daidai ne. Amma labarin Ɗan Kura ya nuna inda damuwarka take da tushe, domin an rubuta wa mutum na jarinsa alhali riba ba ta kai ba. Hukuncin wannan na malamai ne, ku kai musu takardar su gani da idonsu. Abu guda zan ƙara: a shagon su Alhaji, a watanni taran farko na jarin bai canza wa kowa ko kwabo ba, tunda jari shida da huɗu ne, kaso uku da biyu. Daga Oktoba ne ya fara aiki.

Ƙanen Alhaji, Dawanau

Jiya bayan isha'i na kai wa Yaya lissafin Malam Akawu. Ya sa tabarau ya bi shi layi-layi, ya yi shiru, sannan ya ce ya yarda, bai taɓa kawo wa ransa haka ba. Amma ya kawo wata magana. Buhunan da muka sayar a kaka tun Agusta muka saye su da araha, kuma kafin ƙarshen Satumba farashi ya riga ya tashi. Ya ce ƙarin da kaya suka yi suna jibge a sito kafin 1 ga Oktoba na tsohon kaso ne.

Malam Akawu

Yana da gaskiya, shi ya sa ake ƙirga kaya a sake musu kima ranar da kaso ya canza. Idan misali kayan da kuka saya miliyan 5 sun kai miliyan 5 da rabi a ranar, 500,000 ɗin uku da biyu za a raba ta, Alhaji 300,000 maimakon 250,000. Wato 50,000 za ta koma masa daga cikin 175,000 ɗinka. Matsalar ita ce ba ku ƙirga ba. Sai dai ku ɗauko rasit na saye, ku cire abin da littafi ya nuna an sayar zuwa 30 ga Satumba, ku tambayi maƙwabta biyu ko uku farashin bandir a satin.

Ƙanen Alhaji, Dawanau

Rasit na Agusta suna nan a cikin jaka, na Satumba ne guda biyu ban gani ba. Yaya ya ce kowa ya ɗauki abin da ba a jayayya a kansa, a bar 100,000 a asusun shago har mu je wajen dilan da ya kawo mana kaya ranar Asabar mu duba nasa littafin.